Kafin a Soka Tsinke a Bayan Rauta

A bayan kusan kowace rauta akwai wani ɗan rami da yatsa ba ya shiga, an rubuta masa Reset a gefe. Masu ƙera na'urar sun nutsar da maɓallin cikin rami da gangan, don kada hannu ya kai gare shi bisa kuskure. Amma duk ranar da kalmar sirri ta ɓace wa mutum, wannan ramin ne farkon abin da idonsa ke faɗawa a kai, sai a ga an fara neman tsinken sakace ko allurar ɗinki. Daƙiƙa goma na dannawa sun isa su mayar da rautar yadda ta fito daga kwali, ta manta duk abin da aka taɓa saita mata.

A ɗauki misalin wani shagon buga takardu irin waɗanda suka cika bakin manyan makarantu a Kano da Zariya. Kwamfutoci huɗu, firinta guda da duk suke aika mata aiki ta iska, kyamarorin tsaro da maigidan ke kallo a wayarsa daga gida, da intanet na kebul da wani kamfani ya ja masa. Ɗan ƙanensa ne ya haɗa komai shekara biyu da suka wuce, yanzu kuwa yaron ya tafi bautar ƙasa, wayarsa ba ta shiga. Ranar wata Litinin aka kawo sabuwar laftof, aka zo haɗa ta da Wi-Fi, sai kowa ya kalli ɗan'uwansa. Babu wanda ya san kalmar. Tsofaffin kwamfutocin suna shiga da kansu tun ranar da aka saita su, ba a sake tambayar kowa komai ba.

Alhajin ya riga ya juya rautar, tsinke a hannu, sai mai gyaran da ke shagon kusa ya leƙo. Abin da ya fara tambaya shi ne: "Alhaji, wacce ce ta ɓata? Ta shiga Wi-Fi, ko ta shiga cikin rautar?"

Mutane da yawa ba su san kalmomin biyu ba ne. Ta farko makullin ƙofar gida ce, ita ake ba baƙo ya samu intanet, kuma a tsarin tsaro na WPA2 da yawancin rautoci ke amfani da shi ba ta gaza haruffa 8, ba ta wuce 63. Ta biyu makullin turakar maigida ce. Da ita ake buɗe shafin sarrafa rautar a burauza, inda ake canza suna, a kori wanda ke satar data, a saita yadda na'urar ke magana da kamfanin intanet. Matsalolin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Kalmar Wi-Fi da wuya ta ɓace da gaske, domin duk wayar da ta taɓa shiga, da duk kwamfutar da ta taɓa shiga, tana riƙe da kwafinta. Kalmar shafin sarrafawa kuwa sai an yi dabara, wani lokacin ma dabarar ba ta ci.

Da Alhaji ya danna wannan maɓallin, ga abin da zai biyo baya. Irin layin da aka ja masa yana buƙatar suna da kalmar sirri ta musamman da kamfanin ya bayar, waɗanda ake shigarwa a wurin da aka rubuta PPPoE. Waɗannan za su goge, fitilun rautar su kunnu kamar lafiya lau amma babu intanet. Firintar da aka ware wa adireshi na dindindin za ta iya samun wani daban, kwamfutocin su yi ta aika aiki inda babu kowa. Ƙofofin da aka buɗe wa na'urar kyamara don a gan ta daga waje za su rufe. Sunan Wi-Fi zai koma na kamfani, kowace na'ura a shagon ta faɗo. Duk wannan don laftof guda.

Mai gyaran bai taɓa rautar ba. Ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur, mai Windows, wadda a lokacin take kan Wi-Fi ɗin. Ya rubuta cmd a wurin bincike, ya danna dama a kan Command Prompt, ya zaɓi Run as administrator. Baƙin allo ya buɗe, ya rubuta:

```
netsh wlan show profiles
```

Jerin sunayen duk Wi-Fi ɗin da kwamfutar ta taɓa shiga ya fito. A ce sunan na shagon Shago_Net ne. Sai ya bi da umarni na biyu:

```
netsh wlan show profile name="Shago_Net" key=clear
```

Can ƙasa, ƙarƙashin Security settings, akwai layin da aka rubuta Key Content. Abin da ke gabansa shi ne kalmar sirrin, a fili, harafi bayan harafi. Aikin bai kai minti biyu ba.

Wurare uku ake yin tuntuɓe a nan. Idan allon ya amsa cewa bai ga wannan sunan ba, to an kuskure rubutu ne, sau da yawa wani tazara ko ɗan layin ƙasa aka tsallake, don haka gara a kwafi sunan daidai yadda ya fito a jerin farko, a kuma bar shi cikin alamun zance. Idan komai ya fito amma babu layin Key Content, yawanci ba a buɗe allon da ikon mai gudanarwa ba ne, sai a rufe a sake. Na ukun ya fi yaudara: kwamfutar tana nuna kalmar da ta sani ne, ba lallai wadda ke aiki yau ba. Laftof ɗin da ta shekara a cikin jaka za ta bayar da tsohuwar kalma idan an canza a bayanta. Shi ya sa mai gyaran ya zaɓi kwamfutar da ke kan layi a wannan lokacin. Wadda ke buɗe shafuka yanzu ba za ta yi ƙarya ba.

Wanda baƙin allo ke firgita yana da hanyar linzami. Ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta `ncpa.cpl`, ya danna sau biyu a kan Wi-Fi, ya shiga Wireless Properties, sannan Security, ya sa alama a Show characters. Bambancin kawai, wannan hanyar tana nuna ta Wi-Fi ɗin da ake kai a lokacin ne, umarnin kuwa yana tono har na baya.

A gidaje da yawa babu kwamfuta, sai wayoyi. Nan ma ƙofa a buɗe take. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, ana iya shiga saitin Wi-Fi, a taɓa sunan wanda ake kai, a zaɓi Share ko alamar QR. Wayar za ta nemi zanen yatsa ko lambar buɗe allo, sannan ta nuna wani murabba'i mai ɗigo-ɗigo. Wasu wayoyin suna rubuta kalmar a ƙasansa. Wasu kuwa hoton kaɗai suke nunawa, kuma nan ne mutane ke zaton an tashi a tutar babu. Ba haka ba ne. Sabuwar waya tana iya haska hoton da kyamararta ta shiga kai tsaye. Idan kuma rubutun ake so, domin a shigar a talabijin ko firinta, sai a ɗauki hoton allon a karanta shi da manhajar karanta QR ko Google Lens. Abin da ke ɓoye a ciki layi ɗaya ne mai wannan siffa:

```
WIFI:T:WPA;S:Shago_Net;P:kalmarsirri;;
```

Abin da ya biyo bayan `S:` suna ne, abin da ya biyo bayan `P:` kuma kalmar ce, har zuwa alamar `;` da ta rufe ta. A nan akwai ɗan tarko. Idan a cikin kalmar kanta akwai alama irin `;` ko `:` ko `,`, tsarin yana sa mata `\` a gaba don kada a rikita ta da iyaka. Wannan ƙarin layin ba ya cikin kalmar, wanda ya kwafe shi tare zai yi ta shan Incorrect password yana zargin wayarsa.

Masu iPhone sun daɗe suna jira, sai a iOS 16 ta shekarar 2022 aka ba su dama. A shiga Settings, a shiga Wi-Fi, a taɓa alamar ⓘ kusa da sunan, a taɓa ɗigogin da ke gaban Password, wayar ta tantance fuska ko yatsa, kalmar ta bayyana.

To idan babu ko na'ura ɗaya da ta rage a kan Wi-Fi ɗin fa? Har yanzu ba a kai ga tsinke ba. Kebul ba ya tambayar kalmar Wi-Fi. A ɗauko igiyar intanet, a soka kai ɗaya a ɗaya daga ramukan da aka rubuta LAN a bayan rautar, ɗaya kan a laftof, shi ke nan an shiga gida ta ƙofar baya. 'Yar ƙaramar rautar aljihu da ake kira MiFi ma yawanci tana haɗuwa da kwamfuta ta igiyar cajinta, muddin igiyar mai ɗaukar bayanai ce ba ta caji zalla ba. Wanda ya san kalmar shafin sarrafawa sai ya shiga daga nan, ya nemi Wireless ko WLAN, ya ga kalmar ko ya sa sabuwa, ba tare da ya taɓa sauran saitin ba.

Akwai kuma maɓallin WPS. Idan aka danna shi, rautar takan buɗe ƙofa na kimanin minti biyu, na'urar da ta nemi shiga a wannan tsakanin ta shige ba tare da rubuta komai ba. Windows tana karɓar wannan, firintoci da yawa ma haka, amma sababbin wayoyin Android sun daina, iPhone kuwa ba ta taɓa yi ba. Amfaninsa a nan shi ne, da zarar laftof ta shiga ta WPS, ta riga ta karɓi kalmar ta ajiye, sai a tambaye ta da wancan umarnin na `netsh`. Sai dai hannu ya yi hattara ƙwarai. A wasu rautoci maɓalli ɗaya ne ke aiki biyu, an rubuta masa WPS/Reset: ɗan taɓawa ya buɗe WPS, riƙewa na daƙiƙoƙi ya share komai. Mutane sun sha goge rautarsu a daidai lokacin da suke ƙoƙarin kauce wa hakan. Bayan an gama kuma ya kyautu a kashe WPS daga shafin sarrafawa, domin tun Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya bayyana rauni a tsarin lambarsa ta PIN wanda ke ba mai haƙuri damar canko ta.

Sabuwar laftof ta shiga, Alhaji ya yi hamdala zai koma kujerarsa. Mai gyaran ya tsayar da shi. Kalmar da suka tono ta riga ta yawata, yaran makaranta da dama sun san ta, kuma ba za a iya canza ta ba sai an shiga cikin rautar. Aiki na biyu ke nan, wanda ya fi wuya.

Da farko sai an san ƙofar. Mutane kan haddace adireshi ɗaya su ɗauka na kowa ne, alhali sun bambanta: rautoci da yawa suna kan `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, na Huawei masu ɗaukar layin waya galibi `192.168.8.1`, MikroTik kuma `192.168.88.1`. Wanda ya saita ma yana iya canza shi. Maimakon canki-canki, a rubuta `ipconfig` a baƙin allon nan a duba layin Default Gateway. Lambar da ke wurin ita ce rautar. A waya ana ganin ta a bayanan Wi-Fi ɗin, wurin da aka rubuta Gateway ko Router. A rubuta ta a saman burauza, wurin adireshi, ba a akwatin bincike ba. Idan shafin ya ƙi buɗewa a waya, a kashe datar layi da duk wata manhajar VPN, domin suna janye buƙatar zuwa waje. Wani lokaci burauzar kan yi gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne, wannan abu ne da aka saba gani a shafin rauta na cikin gida.

A shagon, lambar ta fito `192.168.0.1`, shafin ya buɗe da akwatin neman kalma. Mai gyaran ya juya rautar ya karanta sitikar da ke ƙasanta. Tsofaffin rautoci da yawa suna zuwa da `admin` a matsayin suna, `admin` kuma a matsayin kalma, wasu kuwa da kalma ta daban da aka buga a sitikar. A MiFi, sitikar kan ɓuya ƙarƙashin batir ko cikin murfi. Ya gwada sau ɗaya, ta ƙi. Bai yi mamaki ba, domin yawancin sababbin rautoci suna tilasta wa mai saitawa ya ƙirƙiri tasa kalmar tun shigar farko, don haka sitikar ba ta da abin cewa.

Gwaji na biyu shi ne kalmar Wi-Fi ɗin da suka samo. Wannan ba harbi a duhu ba ne. Wasu rautocin, har da na Huawei da dama, suna ba mai saitawa zaɓin ya yi amfani da kalma ɗaya a wurare biyun, kuma mai gaggawa yakan amince. Ita ma ta ƙi. Nan mai gyaran ya ɗage hannu, ya kuma hana Alhaji gwada sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Rautoci da yawa suna kulle shafin bayan an kuskure sau kaɗan, wasu na ɗan lokaci, wasu na tsawon da zai ci wa mutum yini. Gwaji uku da aka yi tunani a kansu sun fi talatin na kame-kame.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: a kan wace kwamfuta yaron ya yi saitin? Alhaji ya nuna ta kusa da ƙofa. Burauza tana da ɗabi'ar tambayar mutum ko ta ajiye masa kalmar sirri, kuma mutane kan amsa da to ba tare da sun karanta ba. A Chrome ana rubuta `chrome://password-manager/passwords` a wurin adireshi, a Firefox kuma `about:logins`. Mai gyaran ya buɗe, ya rubuta 192 a akwatin nema, bai ga komai ba. Ya sake nema da sunan da kamfanin rautar ke amfani da shi a madadin lamba, wato `tplinkwifi.net`, sai ga shi. Ya taɓa alamar ido, Windows ta nemi lambar buɗe kwamfutar, Alhaji ya shigar, kalmar ta bayyana. Wannan ɗan bambancin yana kayar da mutane da yawa: burauzar tana ajiye kalma ƙarƙashin adireshin da aka yi amfani da shi ranar, don haka idan da suna aka shiga, ba za ta cika akwatin da kanta ba in an zo da lamba. A nemi duka biyun. Kuma idan asusun Google na wanda ya yi saitin yana haɗe da burauzar, kalmar tana iya kasancewa a wayarsa ko da yana wata jiha.

Ba kowa ke dacewa haka ba, amma da sauran ƙofofi. Wanda aka saita wa rauta da manhajar waya, irin Tether ta TP-Link, ya duba wayar da aka yi aikin da ita, sau da yawa tana nan a shige. Idan an ɗaure rautar da asusun TP-Link ID, to kalmar asusun ce makulli, ita kuwa ana sabunta ta ta imel kamar kowane asusu. Rautocin Netgear suna da tsarin dawo da kalma ta hanyar lambar jikin na'urar da amsar tambayoyin sirri, amma sai in an kunna shi tun farko. Masu MikroTik su duba jerin adireshin da aka ajiye a manhajar Winbox a kwamfutar wanda ya saita. Wanda kuma rautarsa ke kan OpenWrt yana da gata na musamman: ana tayar da ita a yanayin da ake kira failsafe ta hanyar danna maɓalli lokacin da fitila ke ƙiftawa yayin kunnawa, a haɗa da kebul zuwa `192.168.1.1`, a rubuta `mount_root` sannan `passwd`, a sa sabuwar kalma, sauran saitin na nan daram.

Idan kamfanin intanet ne ya kawo akwatin da kansa, musamman na layin gilashi da ake kira faiba, to kiran waya ya fi komai sauƙi. Kamfanoni da yawa suna iya sarrafa akwatunansu daga ofis ta wani tsari mai suna TR-069, wanda aka fitar tun 2004, don haka suna iya canza wa mutum kalmar Wi-Fi ko ta shiga ba tare da sun tako ƙafa ba, bayan sun tabbatar shi ne mai asusun. Irin wannan akwatin ne ma bai kamata a soka masa tsinke ba ko kaɗan, domin yana ɗauke da bayanan da ke sa na'urorin kamfanin su gane shi, waɗanda mai gida ba shi da su a rubuce.

Gaskiyar da ba a so a ji ita ce, idan duk waɗannan sun ƙare, a yawancin rautocin gida babu wata hanyar sirri. Haka aka gina su, kuma daidai ne. Da akwai dabarar da za ta buɗe shafin sarrafawa ba tare da kalma ba, da duk ɗalibin da ya zo buga takarda a shagon Alhaji zai iya bin ta. Manhajojin da ake tallatawa da sunan fasa kalmar rauta ko ta Wi-Fi, mafi yawansu ko dai jerin kalmomin kamfani suke gwadawa, waɗanda ke kan sitika tun farko, ko kuma tarko ne na cusa talla da kwasar bayanan waya. Duk hanyoyin da aka ambata a nan kuwa na mai kaya ne a kan kayansa. Shiga rautar maƙwabci ba da izininsa ba cin amana ne, kuma a Najeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin na'urar wani.

Akwai wani kuskure da ko masu ɗan sani ke yi. Suna da fayil ɗin ajiyar saiti da suka taɓa saukewa daga Backup & Restore, sai su ce ai shi ke nan: a goge, a mayar da fayil. A rautoci da yawa fayil ɗin yana ɗauke da kalmar shafin sarrafawa a cikinsa. Ana mayar da shi, rautar ta sake kunnuwa, ta dawo da ainihin kalmar da aka manta, a koma gidan jiya. Fayil ɗin yana da amfani ga wanda ya san kalmar da ke aiki ranar da aka ajiye shi, shi ya sa ake rubuta su tare.

Idan gogewar ta zama dole, nauyinta ya danganta da irin rautar. Ga MiFi ko rautar da aka sa wa layin MTN, Airtel ko Glo a gida, asarar kaɗan ce: yawanci na'urar tana gane layin ta saita kanta, datar da aka saya kuma tana kan layin ne ba a cikin akwatin ba, don haka ba ta tafiya ko'ina. Mai irin wannan kada ya ɓata yini guda yana bincike. Ga shago ko ofis kuwa, sai an yi girbi kafin a sa wuta. Abin mamaki, ana iya tattara kusan komai ba tare da an shiga rautar ba. Umarnin `ipconfig /all` yana nuna adireshin rautar da tsarin lambobin gidan da DNS ɗin da ake amfani da shi. Firinta tana iya buga takardar bayanin haɗinta daga maɓallanta, a ga adireshinta. Na'urar kyamara tana nuna nata adireshin da lambobin ƙofofinta a sashen Network, misali na Hikvision sukan zo da 80 da 554 da 8000. Suna da kalmar PPPoE kuwa, a kira kamfanin a karɓa, a rubuta a takarda, kafin a danna komai, kuma a yi aikin a ranar da ofishinsu ke buɗe, ba daren Juma'a ba.

Sannan ga dabarar da ke rage rabin wahala. Bayan an goge, a mayar wa Wi-Fi ainihin tsohon sunansa da tsohuwar kalmarsa, manyan haruffa da ƙanana daidai, da irin tsaron da yake kai a da. Wayoyi da kwamfutoci da talabijin ba su san an yi komai ba, suna ganin sunan da suka sani za su koma da kansu. Wannan ne dalilin da ya sa ko wanda ya yanke shawarar gogewa ya kamata ya fara tono kalmar Wi-Fi tukuna. A kuma bambance Reboot da Reset: cire wuta a mayar, ko danna Reboot, ba ya share komai, amma kuma ba ya dawo da kalmar da ta ɓata.

A shagon Alhaji ba a kai ga haka ba. Da shafin ya buɗe, mai gyaran ya fara bin sassan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hotonsu da waya: shafin haɗin intanet da sunan PPPoE, jerin adireshin dindindin inda firintar ke zaune a `192.168.0.50`, da layuka uku na ƙofofin kyamara. Ya canza kalmar shafin sarrafawa zuwa wadda Alhaji ya zaɓa da kansa, ya fita ya sake shiga don ya tabbatar ta zauna, sannan ya sauke fayil ɗin ajiya ya sa masa kwanan wata a suna. Kalmar Wi-Fi ya bar ta sai bayan la'asar da shagon ya lafa, tunda canza ta zai faɗo da kowace na'ura sai an bi su an shigar da sabuwa, firintar ce ma ta fi cin lokaci saboda ƙananan maɓallanta. Ɗalibai kuma ya buɗe musu Guest Network da kalma ta daban, wadda za a iya canzawa duk mako ba tare da an taɓa kwamfutocin aiki ba.

Alhaji ya ɗauko littafin da yake rubuta bashi, ya buɗe bangon baya, mai gyaran yana faɗa yana rubutawa: adireshin rautar, kalmar shiga ciki, kalmar Wi-Fi ta aiki, ta baƙi, da lambar asusun kamfanin intanet. Da aka zo kan kalmar PPPoE, shafin ɗigogi kawai ya nuna, sai Alhaji ya bar layin babu komai, ya ce gobe da safe zai kira kamfanin ya cike.